Ko ka sani? Injin burodin da ya samu kasuwa sai da aka kawo masa yaya

Akwai wani kamfanin sayar da kayan girki a birnin San Francisco na Amurka mai suna Williams-Sonoma. Ya taɓa fito da injin gasa burodi na gida, wanda ake zuba wa fulawa da ruwa da yis, ya kwaɓa da kansa, ya gasa da kansa. Kuɗinsa dala 275. Daga baya kamfanin ya kawo wani injin irinsa, ya fi shi girma, a kan dala 429. Wannan babban bai samu masu saye sosai ba. Amma cinikin ƙaramin ya kusa ninkawa, alhali ba a rage masa ko kwabo ba, ba a kuma ƙara masa komai ba.

Me ya sauya? Da farko mai saye yana tsaye gaban injin da bai taɓa gani ba, ba shi da abin da zai gwada shi da shi. Bai san ko 275 tsada ce ko araha ba. Da aka ajiye na 429 a gefensa, sai ya samu ma'auni. Tambayar da yake yi wa kansa ta tashi daga "ina bukatar injin burodi kuwa?" ta koma "wanne zan ɗauka a cikin biyun nan?"

Masu bincike biyu, Itamar Simonson da Amos Tversky, su ne suka kawo wannan labari a wani aiki da suka wallafa a 1992. A cikin aikin akwai gwajin da ya fi labarin burodin amfani ga mai sana'a. Sun nuna wa mutane kyamarori biyu ƙirar Minolta, ɗaya wajen dala 170, ɗaya wajen dala 240. Mutanen suka rabu gida biyu daidai, rabi nan, rabi can. Sai suka nuna wa wani rukunin kyamarorin nan biyu tare da ta uku mai tsadar wajen dala 470. A nan masu ɗaukar mai arahar suka sauko zuwa kashi 22 cikin 100, ta tsakiya ta samu kashi 57, mai tsadar ta samu kashi 21. Abin lura shi ne wadda ta yi asarar masu saye. Hankali zai ba ka cewa sabuwar mai tsada za ta ci kasuwar wadda ke kusa da ita a farashi. Ba haka aka yi ba. Mai arahar ce ta rasa fiye da rabin mutanenta, ita kuwa ta 240 har ƙaruwa ta yi.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya taɓa shiga kasuwa sayen abin da bai ƙware a kansa ba. Yana tsoron mai araha kada ya zama arahar da ba ta ado, yana tsoron mai tsada kada ya zubar da kuɗi a kan abin da ba zai mora ba. Na tsakiya ne ke raba shi da tsoron biyu a lokaci guda. Tun a 1989 Simonson ya nuna cewa wannan karkata tana ƙara ƙarfi idan mutum ya san zai yi wa wani bayanin zaɓin da ya yi. Wanda aka aika, ko wanda ke kashe kuɗin dangi, yana son abin da zai iya karewa idan an tambaye shi: "Ban ɗauko na ƙasa ba, ban kuma yi almubazzaranci ba." Har dabbobi ma ba su tsira daga tasirin zaɓi na uku ba. A wani bincike na 2002 an ga ƙudan zuma da wasu tsuntsayen Arewacin Amurka suna sauya yadda suke fifita abinci biyu bayan an ajiye musu na uku a kusa.

To, yaya mai sayar da aikin hannunsa zai gina irin wannan tsani na farashi mai mataki uku? Mu ɗauki mai ɗaukar hoton biki, tunda da kyamara muka taho. Alƙaluman da ke tafe na misali ne, kowa ya sa nasa.

Da na tsakiya ake farawa, domin shi ake so a riƙa saya. Mai hoto ya zauna ya tuna abin da yawancin masu biki ke nema a bakinsu: hotunan ɗaurin aure da safe, hotunan walima da yamma, gajeren bidiyo, da albam guda da amarya za ta ajiye. Wannan shi ne tsari na tsakiya. A ce ya sa masa naira 220,000, kuma abin da zai kashe a kan yaron da ke riƙe masa fitila, kuɗin mota, bugun albam da gyaran bidiyo ya kai 120,000. Ribarsa 100,000.

Daga nan sai ya sauko ya yanki ƙarami daga jikin na tsakiya. Taro ɗaya, awa huɗu, hotuna ɗari da aka gyara aka tura ta waya, babu bidiyo, babu albam. Farashi 150,000, kashewa 90,000, riba 60,000. Sai ya hau sama: kwana uku tun daga kamu har kai amarya, masu ɗauka biyu, cikakken bidiyo, albam biyu, da babban hoto na bango. Farashi 420,000, kashewa 270,000, riba 150,000.

A duba tazarar da ke tsakanin matakan, don a nan dabarar take. Daga ƙarami zuwa na tsakiya ƙarin 70,000 ne, bai kai rabin kuɗin ƙaramin ba, amma abin da ake samu a kai yana da yawa, ana kuma ganinsa da ido: taro na biyu, bidiyo, albam. Daga na tsakiya zuwa babba kuwa ƙarin 200,000 ne, kusan ninki. Matakin farko gajere ne, ƙafa na hawansa ba wahala. Na biyu dogo ne, sai mai niyya. Kyamarorin gwajin nan ma haka tazararsu take: daga 170 zuwa 240, sannan daga 240 zuwa 470.

Yanzu lissafi. A ce biki goma ya samu a wata. Lokacin da yake da tsari biyu kacal, biyar sun ɗauki ƙarami, biyar na 220,000: ribarsa 300,000 da 500,000, jimla 800,000. Bayan ya ƙara babba, a ce uku sun tsaya a ƙarami, shida sun ɗauki na tsakiya, mutum ɗaya ya ɗauki babba. Riba ta zama 180,000 da 600,000 da 150,000, jimla 930,000. Bikin goman nan dai ne, ba a ƙara ko ɗaya ba.

Akwai ramin da masu sana'a da yawa ke faɗawa a daidai nan, kuma shi ne abin da na fi so mai karatu ya riƙe. Saboda ɗokin na tsakiya ya burge, sai a yi ta lafta masa kaya har ribarsa ta zube. Da mai hoton nan ya sa kamu a cikin na tsakiya, to aikin ya zama na kwana biyu ke nan, tunda kamu ba ranar ɗaurin aure aka saba yinsa ba. Riba 100,000 a kwana biyu ita ce 50,000 a rana, ƙasa da 60,000 da ƙaramin ke ba shi a rana ɗaya. A lokacin da bukukuwa suka yi yawa, kamar bayan Sallah ko ƙarshen shekara, wannan rana ta biyu wani bikin ce ya rasa. Zai ga kowa na ɗaukar na tsakiya, zai yi murna, amma aljihu bai shaida ba. Shi ya sa aka haɗa ɗaurin aure da walimar rana guda: ya riga ya fito, kayansa na kafaɗa, yaronsa na tare da shi. Abin da ya dace a ƙara wa na tsakiya shi ne wanda ke da daraja babba a idon mai biki amma ɗawainiyarsa kaɗan ce ga mai aiki.

Babban tsarin kuma dole ya zama na gaske. Wata rana wani zai ce shi yake so, ya ajiye kuɗi. Idan an rubuta shi ne don ado, babu mai ɗauka na biyu a ƙasa, ba a taɓa lissafa kuɗin albam biyu ba, ranar nan za a ji kunya a gaban taro. Haka ƙaramin: a rage masa yawa, kada a rage masa kyau. Wanda ƙarfinsa bai wuce 150,000 ba yana da haƙƙin hotuna masu tsabta a ranar da aka yi alkawari, kuma shi ne zai nuna su ga ƙawayen amarya da su ma aurensu ke tafe. Sannan abin da yake larura kada a maƙale shi a sama. Akwai gidajen da ba su yarda namiji ya shiga taron mata ba, sai mace mai ɗaukar hoto. Idan aka ce sai mai 420,000 ne zai samu wannan, an tilasta wa mutane ne, kuma za su gane. Gara a sa masa kuɗinsa daban, mai kowane tsari ya iya nema.

Ta yaya za a san ko tsanin ya tsayu? Da littafi da biro. A rubuta abin da mutum ashirin ko talatin na farko suka zaɓa, har da waɗanda suka ji farashi suka tafi. Idan yawanci a ƙarami suke tsayawa, ko dai matakin farko ya yi tsawo, ko ƙaramin ya ƙunshi duk abin da suke bukata, ba su ga dalilin hawa ba. Idan babba ne ke ta fita, to an karya masa farashi, kasuwar na iya ɗaukar fiye da haka. Idan kuwa mutane na ji suna juyawa ba tare da sun tambayi bambancin tsarin ba, matsalar a ƙofar shiga take: ƙaramin ma ya fi ƙarfin unguwar.

Wannan karkata zuwa tsakiya tana da iyaka. Ta fi kama wanda bai san aikin ba, yake lalube. Mai shirya bukukuwa da ta yi aiki da masu hoto goma ta san abin da take so, jerin uku ba zai motsa ta ba. Wanda aka damƙa wa kuɗi ƙididdigaggu shi ma haka. Ga kuma ciniki, wanda babu shi a shagunan da aka yi labarin burodi. A wurinmu mai biki za ta dubi takardar farashi, ta ɗora yatsa a kan na tsakiya, ta ce, "Wannan nake so, amma a yi mini shi a 160, Malam." Idan mai hoto ya sallama, labari zai zaga, kuma daga ranar ba shi da tsari uku, yana da guda ɗaya mai arha. Amsar da ke tsare tsanin ita ce a rage kaya tare da kuɗi: "Hajiya, 160 ba zai ɗauki duka ba. In kin yarda mu cire albam, in bar miki bidiyon da walimar a 190." Sau da yawa a nan ne mai biki ke gane cewa albam ɗin ne ma ta fi so, don shi za a riƙa miƙa wa baƙi idan sun zo ganin ɗaki.