Galaxy A13 Iri Biyu Ce: Abin Dubawa Kafin Sayen Rigar Waya

Ma'aikacin da ke Sakatariyar Tarayya ba kullum yake samun sararin zuwa Banex Plaza da ke Wuse 2 ba. Sau da yawa daga kan teburinsa yake yin odar rigar waya ko gilashin kare fuskarta, ɗan aike ya kawo masa a babur. Sai an buɗe ƙunshi ake gane cewa kayan ba su hau wayar ba, ga kuɗin aike ya riga ya tafi. Galibi tushen matsalar layi ɗaya ne da mai talla bai rubuta ba, wato ainihin samfurin wayar da kayan suka dace da ita.

Mu ɗauki Galaxy A13 ta kamfanin Samsung. Suna ɗaya ne, amma wayoyi biyu ne. Mai 4G tana da fuska inci 6.6 da kyamara huɗu a baya, lambarta kuma SM-A135 ko SM-A137. Mai 5G kuwa fuskarta inci 6.5 ce, kyamararta uku, lambarta SM-A136. Tsawonsu da faɗinsu sun kusa zama ɗaya, shi ya sa hoton talla yake ruɗar mai saye. Amma idan aka sa rigar mai 5G a jikin mai 4G, hujin baya ba zai daidaita da kyamarorin ba, har ya iya rufe ta huɗun. Shi ma gilashi, in an yanka shi don ɗayar, yakan bar gefe a buɗe ko ya ƙi mannewa, ƙura ta riƙa shiga ta ƙarƙashinsa.

Caja kuma lissafinta dabam ne. Dukansu biyu suna da bakin USB-C, kuma iyakar ƙarfin da suke karɓa wat 15 ne, don haka caja ɗaya ta ishe su. Wanda ya sayi mai wat 45 don wannan waya bai ƙara mata sauri ba, kuɗi kawai ya ƙara kashewa.

Saboda haka tallan da ya ce "na Samsung A13" bai gama magana ba. Kamata ya yi mai kaya ya rubuta: "Ya dace da Galaxy A13 4G, SM-A135 da SM-A137. Bai dace da A13 5G ba." Jimla ta biyun ce ta fi hana dawo da kaya. Idan caja ce, ya faɗi irin bakinta da yawan wat ɗinta.

Shi kuma mai saye ya shiga Settings, ya taɓa About phone, ya ɗauki hoton lambar samfurin ya tura wa mai kaya kafin ya biya. Hadimin da maigidansa ya aika ma lambar zai nema, domin suna kaɗai ba zai fishshe shi ba. In har ɗan kasuwa ya amsa a rubuce cewa kayan sun dace da wannan lamba, to ranar da suka ƙi hawa, mai saye yana da hujjar neman canji.