Dala 140 Sun Ɓace a Hanya: Yadda Ake Rubuta wa Abokin Ciniki na Waje

A kasuwar Dawanau da ke Kano, inda ake loda riɗi da zoɓo da citta zuwa ƙasashen ƙetare, ciniki ba ya ƙarewa da tashin mota. Sai kuɗi sun shiga asusu. Sau da yawa kuwa sukan makara, in sun iso kuma a tarar ba su cika ba. Daga nan sai a koma kan imel, kuma yadda aka tsara shi na iya gyara hulɗa ko ɓata ta.

A ɗauki misalin ɗan kasuwar da ya sayar wa wani kamfani a Hamburg riɗin dala 11,000. Mai sayen ya duba intanet ya ga yuro ɗaya na daidai da dala 1.10, sai ya tura yuro 10,000, ya ɗauka ya biya. Mako ya wuce shiru. Da kuɗin suka faɗo asusun dala na ɗan kasuwar, 10,860 ne.

Abin da ya fara rubutawa cikin zafin rai shi ne: kun jinkirta biya, kuma kuɗinku ba su cika ba. Wannan zargi ne, alhali mutumin yana riƙe da shaidar cewa ya tura a kan lokaci. Gyaran farko shi ne a raba maganar gida uku, wato jinkiri, kuɗin banki, da bambancin canji, domin kowanne da dalilinsa.

Batun jinkiri ya fi buƙatar bayani. SWIFT, tsarin da aka kafa a Beljiyam a 1973, saƙo kawai yake kaiwa tsakanin bankuna, ba ya ɗaukar kuɗi. Idan bankin Jamus ba shi da asusu da bankin Najeriya, dole a bi ta bankin tsakiya ɗaya ko biyu, kowanne da bincikensa da ranakun hutunsa. Harafi ɗaya da ya saɓa a sunan mai asusu ya isa a riƙe kuɗi kwanaki. Saboda haka imel mai kyau ba ya zato. Yana roƙon takardar shaidar turawa da aka fi sani da MT103, tare da lambar UETR mai haruffa da alƙaluma 36, wadda banki ke bin sawun kuɗin da ita ya ga inda suka tsaya.

A wannan takarda ce kuma ake gano wanda ya ci kuɗin hanya. A gurbi na 71A akwai kalma ɗaya daga cikin uku. OUR na nufin mai turawa ya ɗauki duk cajin. BEN na nufin a cire komai daga kuɗin mai karɓa. SHA kuwa raba-daidai ne a suna: mai turawa ya biya bankinsa, sauran a zare daga kuɗin suna tafe. A misalin nan SHA aka zaɓa, bankunan hanya suka cire dala 40.

Saura dala 100, kuma nan ne aka fi samun rashin fahimta. Farashin da ake gani a intanet tsaka-tsaki ne tsakanin na saye da na sayarwa a kasuwar bankuna. Duk wanda ya taɓa zuwa wajen 'yan canji a Wapa ya san farashin saye daban, na sayarwa daban. Bankin da ya canja kuɗin ya yi lissafi a kan 1.09, yuro 10,000 suka koma dala 10,900.

Da wannan a hannu, saƙon zai yi gajere. Bayan gaisuwa ta layi ɗaya (doguwar gaisuwarmu tana da kyau a zaure, amma Bajamushe kan so ya ga maganar tun a jimlar farko), sai a ce: mun karɓi dala 10,860 a rana kaza, a kan takardar kaya mai lamba kaza ta dala 11,000. Bisa takardar banki, an cire dala 40 a hanya, canjin yuro zuwa dala kuma ya rage 100. Mun san kun tura a kan lokaci. Muna roƙon a haɗa dala 140 ɗin da biya na gaba.

Wannan roƙo na ƙarshe yana da hikima, domin in aka turo 140 ita kaɗai, caji zai sake cinye wani kaso mai yawa. Ya kamata kuma a cire kalmomi irin su "nan ba da daɗewa ba", a sa rana takamaimai, a kuma rubuta sunan wata da haruffa, tunda 03/04 a Turai 3 ga Afrilu ne, a Amurka kuwa 4 ga Maris. Kowane adadi ya zo da sunan kuɗinsa, USD ko EUR.

Kafin a aika, sai a liƙa takardar shigar kuɗi daga banki, a kuma ƙara jimla ɗaya domin cinikin gaba: a biya da dala kai tsaye, a zaɓi OUR, kuma a rubuta hakan cikin yarjejeniya kafin a loda kaya.