Rami a buɗe, amma saƙo ba ya dawowa

Ofishin Kano da na Kaduna sun haɗa kwamfutocinsu ta ɓoyayyiyar hanya a intanet, wadda masu sana'ar ke kira rami. Allo ya nuna rami a buɗe yake, amma in Kano ta aika `ping`, shiru kake ji. Ni ban cika yarda da koriyar alamar nan ba, don gaisuwar na'urorin bakin ƙofa kaɗai take shaidawa.

A fara duba ƙidayar fakiti. Idan adadin masu shiga Kaduna yana ƙaruwa, na masu fita kuwa ya tsaya cak a sifili, to saƙo ya isa, amsa ce ta ɓata. A ce adireshin Kano `192.168.10.0/24` ne. Sai a buga wannan a sabar Kaduna:

```
ip route get 192.168.10.5
```

In ta nuna ƙofar intanet maimakon ramin, an gano ɓarawon: ba a gaya mata hanyar komawa Kano ba.

In hanya lafiya lau take, sai a koma kan katangar tsaro. Tana barin amsa ta shigo wa wanda ya fara magana, amma sabon kira daga can sai an rubuta masa izini. Shi ya sa Kaduna kan kira Kano ta samu, Kano ta kira a tare ta.