Mutum nawa ne suka kalli bidiyon da gaske?

A watan Oktoba na 2023 Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin HPV, ƙwayar cutar da ke haddasa sankarar bakin mahaifa. Irin wannan aiki yakan zo da gajerun bidiyoyi na wayar da kai, waɗanda ƙungiyoyi ke shiryawa da kuɗin masu tallafi. In an gama, dole a rubuta wa masu kuɗin rahoto, kuma a nan ne alƙalami ke son ƙara gishiri.

Mu ƙaddara wata ƙungiya ta kashe naira miliyan 1.8 kan bidiyo mai daƙiƙa 90. Shafinta na Facebook ya nuna 200,000 a gurbin da aka rubuta Reach. Ma'anar wannan adadi ita ce bidiyon ya gifta a allon wayar mutum 200,000, ko da babban yatsa ya ture shi nan take. Adadin da ke ƙarƙashin Impressions ya fi haka kumbura, don mutum ɗaya da ya ci karo da bidiyon sau biyar, biyar za a ƙirga. Akwai kuma ma'aunin kallon daƙiƙa uku, wanda ko sallama ba a gama ba a cikinsa. Kamfanin da kansa ya taɓa tuntuɓe a nan: a 2016 ya amsa cewa ya daɗe yana zuzuta matsakaicin lokacin kallo, saboda ba ya sa waɗanda suka wuce kafin daƙiƙa uku a lissafin.

Tambayar da ta kamata mai rahoto ya yi ita ce, a daƙiƙa ta nawa saƙon yake? A ce an buɗe da kiɗa da tambarin masu tallafi, sai a daƙiƙa ta 60 malamar asibiti ta faɗi cewa allurar kyauta ce, ta kuma faɗi inda ake yi. Shafin yana da zanen da ke nuna inda masu kallo ke zubewa. Idan 9,000 ne suka kai wannan gaɓa, 6,000 suka ga ƙarshe, to 9,000 ɗin ne suka ji abin da aka biya kuɗi a faɗa. Raba kuɗin da 200,000, kowane mutum ya tashi a naira 9. Raba da 9,000, ya koma naira 200. Duk lissafin biyu daidai ne, amma wanda ya rubuta na farko kaɗai ya yi wa mai tallafi rufa-ido. A ganina a jera su tare, a kuma faɗa ƙarara cewa dogon share fage ne ya kori jama'a.

Sai a duba su wa suka kalla. In iyaye mata na karkarar Jigawa aka nufa, alƙaluma kuma suka nuna samarin birni ne suka fi yawa, a rubuta haka. Wanda aka tura ta WhatsApp ko Xender ba ya ƙirguwa, don haka a ce ya yaɗu, kada a ƙirƙiro masa adadi. Majigi a ƙofar gidan mai unguwa ya fi sauƙi, ana ƙirga kawuna, amma a ware yara, don su ke cika gaban allo kuma ba su ke yanke shawara ba.

Tambayoyin jama'a su ake yawan turawa shafin ƙarshe, alhali sun fi komai nuna inda bidiyon ya gaza. "Ba za ta hana ta haihuwa ba?" "Me ya sa mata kawai?" "Yarinyar da ba ta yi aure ba, ina ruwanta da ciwon mahaifa?" "Maganin zazzaɓi sai mun saya, wannan kuma kyauta har gida?" Mai tallafi da ke nesa zai iya ɗaukar wannan jahilci ne, sai rahoto ya tuna masa gwajin maganin Trovan da aka yi kan yara a Kano a 1996, da dakatar da rigakafin shan inna a 2003. A kasa tambayoyin gida-gida, a faɗi sau nawa kowacce ta taso, wa ya amsa, da waɗanda aka bari babu amsa. A kawo su da lafazin masu su, amma a cire sunaye da lambobin waya. Idan zancen haihuwa ne ya fi yawa alhali bidiyon bai taɓo shi ba, an san abin da na gaba zai fara da shi.

Idan rajistar asibiti ta nuna an samu ƙarin 'yan matan da aka yi wa allura, kada ƙungiya ta yi saurin cewa aikinta ne. A watan an yi sanarwa a rediyo, limamai sun yi bayani, ma'aikata sun shiga makarantu. Abin da za ta iya tsayawa a kai shi ne adadin iyayen da aka tambaya a bakin asibiti inda suka ji labari, da nawa daga cikinsu suka ambaci bidiyon.