Shirin Musamman: Maki 20, Maki 50, Maki 100, Yaya Ake Haɗa Su?

(Kiɗan buɗe shiri)

Yau shirin namu zai leƙa ofishin malamai ne a ƙarshen zango, lokacin da takardu suka taru a kan tebur ana cika takardar sakamako. Malami ya yi wa ajinsa ƙaramin gwaji a kan maki 20, ya yi na tsakiyar zango a kan 50, sannan ga babbar jarrabawa a kan 100. Yanzu ana so ya fitar da lamba ɗaya tak a gaban sunan kowane yaro. Wanda ke da biro da takarda a kusa ya jawo su, don za mu yi ɗan lissafi, amma ba mai wahala ba.

Mu ɗauki yara biyu a aji ɗaya, yarinya da yaro. Yarinyar ta ci 18 a ƙaramin gwaji, 40 a na tsakiya, 55 a babbar jarrabawa. Yaron kuwa ya ci 10, da 30, da 80. Wa ya fi wani?

Abin da ya fi sauƙi shi ne a tara su yadda suke. Yarinya ta tashi da 113, yaro da 120, duka cikin 170. Yaro ya yi gaba. To amma ku lura da abin da ya faru ba da sanin malam ba. A cikin wannan 170 ɗin, babbar jarrabawa ita kaɗai ta kwashe kusan kashi 59 cikin ɗari, gwajin tsakiya ya samu 29, ƙaramin ya tsira da 12. Shin malam ya zauna ya yanke cewa haka ya kamata? Sau da yawa a'a. Ranar da ya yi ƙaramin gwajin tambayoyi goma ya rubuta a allo, kowacce maki biyu, shi ya sa ya zama 20. Yawan tambayoyin ranar ne ya yanke wa gwajin darajarsa.

Wani malamin sai ya ce, ai wannan kamar mutum ne ya zuba naira da sefa a jaka ɗaya ya ƙirga takardun, dole a fara canji tukuna. Gaskiyarsa. Sai ya mai da kowane maki kashi cikin ɗari. Yarinya ta koma 90, 80, 55. Yaro ya koma 50, 60, 80. Ya tara ya raba uku: yarinya 75, yaro 63 da 'yan kai. Kun ji ikon Allah, yanzu yarinya ce a gaba, da rata mai yawa ma, alhali babu wanda ya sake rubuta ko harafi ɗaya.

Wannan malamin ya gyara abu ɗaya, ya ɓata wani. Da ya raba uku, ya ɗora gwajin minti ashirin a matsayi ɗaya da jarrabawar awa biyu wadda ta rufe karatun zango gaba ɗaya. Ga kuma wata illa: maki ɗaya a gwajin 20, in an mai da shi cikin ɗari, biyar yake zama. Yaron da ya kuskure tambaya ɗaya mai maki biyu ya yi asarar goma kenan.

(Gajeren kiɗa)

To ina mafita? A fara da tambayar da duka malaman biyu suka tsallake: kowane gwaji, wane kaso ya cancanta? Wannan ba lissafi ne ke amsa shi ba, makaranta ce ke yankewa, kuma a farkon zango ya kamata ta yanke. A makarantu da yawa a Najeriya ana ba gwaje-gwajen cikin zango, wato si'e a bakin malamai, kashi 30 ko 40, babbar jarrabawa ta ɗauki sauran. Mu ce wannan makarantar ta ba ƙaramin gwaji 20, na tsakiya 20, jarrabawa 60.

Ƙa'idar ɗaya ce. Ka raba abin da yaro ya ci da cikakken makin gwajin, sannan ka ninka da kason da aka ware masa. Yarinya: 18 cikin 20 yana nan 18 ɗinsa. 40 cikin 50, a ninka da 20, ya zama 16. 55 cikin 100, a ninka da 60, ya zama 33. Jimla 67. Yaro: 10, da 12, da 48. Jimla 70.

Yaro ya wuce da maki uku. Wani zai ce, to ai tun farko ma shi ne a gaba, me aka yi kenan? Bambancin shi ne yanzu in mahaifin yarinyar ya zo makaranta yana tambaya, malam yana da amsar da zai ba shi, kuma amsar tana rubuce tun kafin a san wa zai ci me. Laifin da ya fi muni a wannan aiki shi ne a ga sakamako tukuna, sannan a zaɓi hanyar haɗawa.

Masu sauraronmu na Jamhuriyar Nijar sun san wannan da wata siga, don a can a kan 20 ake ba da maki, sannan kowane darasi yana da lambar da ake ninka shi da ita gwargwadon nauyinsa. Haka masu neman shiga jami'a a Najeriya: jarrabawar JAMB a kan 400 take, wasu jami'o'in sukan raba makin da takwas ya koma a kan 50, su raba na jarrabawar tantancewarsu da biyu in a kan 100 take. Mai 240 da 70 sai ya tashi da 30 da 35, wato 65. Da tarawa kawai aka yi, da jarrabawar jami'ar ba ta wuce kashi ɗaya cikin biyar ba.

Akwai wani tarko da ko kaso mai kyau ba ya kawar da shi. A ce ƙaramin gwajin ya yi sauƙi, kowa a ajin ya ci tsakanin 17 da 19. A takarda kasonsa 20 ne, amma wajen fitar da na ɗaya da na ƙarshe maki biyu kacal yake iya raba yara da su. Jarrabawar da makinta ya bazu daga 30 zuwa 90 kuwa, ko bayan an mai da ita a kan 60, tana raba su da maki 36. Ita ce ke jera ajin. Don haka malam, ka duba mafi ƙarancin maki da mafi yawa a kowane layi na rajistarka. Layin da kowa ya cunkushe wuri ɗaya, gwajin ne ke buƙatar gyara a zango mai zuwa.

Kafin a fara cika takardun yara, a gwada lissafin da yaron da ya cinye komai: 20, 50, 100. In bai ba da 100 daidai ba, akwai kuskure. Kada kuma a riƙa cike ɓarin maki a kowane mataki, a bar shi sai jimlar ƙarshe, don rabi-rabin nan su ne ke tsallakar da wani su bar wani a bakin layi. Yaron da rashin lafiya ya hana shi zuwa gwaji, a rubuta cewa bai zo ba, kada a zuba masa sifili kamar wanda ya zauna ya kasa.

Iyaye, in takardar sakamako ta zo gida, ku tambayi makaranta kaso nawa kowane gwaji ya ɗauka, kuma yaushe aka yanke hakan. Malamai kuma, ku rubuta wa yara wannan rabon a allo tun makon farko na zango.

A nan za mu dakata. Sai mun sake haɗuwa a shiri na gaba, a huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)