An Cire Kuɗi, Shago Bai Gani Ba: Ina Saƙon Ya Maƙale?

A ce wata baiwar Allah ta sayi atamfa ta naira 25,000 a wani shagon intanet. Alat ya shigo wayarta, an cire kuɗi. Amma a shafin shagon, odarta tana nan a matsayin wadda ba a biya ba. Mai shago ya duba kwamfutarsa ya ce, "Hajiya, wallahi ban ga komai ba." Dukkansu gaskiya suka faɗa.

Tsakaninsu akwai kamfanin karɓar kuɗi, irin su Paystack. Da zarar biya ya kammala, kamfanin yakan aika wa kwamfutar shagon ɗan gajeren saƙo, wanda masu rubuta manhaja ke gani a allo da sunan `webhook`. Ɗan aike ne kawai, kuma ɗan aike yakan iske ƙofa a rufe: ko kwamfutar shagon ta mutu a lokacin, ko an sauya adireshi ba a sanar ba.

Kamfanin yana jiran amsar `200 OK`, wato "na karɓa". In bai ji ba, Paystack yakan yi ta maimaita aiken har tsawon sa'o'i 72, daga nan ya daina. Shagon da ya dogara ga ɗan aike kaɗai zai bar kuɗin Hajiya a rataye.

Maganin shi ne shago ya tashi ya je ya tambaya da kansa. Kowane ciniki yana da lambar shaidarsa. Sai a sa manhaja ta riƙa zagayawa, misali duk bayan minti 15, tana tattara odar da ta daɗe tana jira, tana tura wa kamfanin lambar kowacce:

```
GET https://api.paystack.co/transaction/verify/:reference
```

In amsa ta dawo da `success`, kada a yi garaje. A duba adadin kuɗin tukuna. Paystack da kwabo yake lissafi, don haka atamfar Hajiya za ta fito a matsayin `2500000`. In adadin bai kai ba, ba a sallami kaya ba. In aka ga `failed` ko `abandoned`, biyan bai kammala ba. In kuwa `pending` ne, a ƙyale shi zuwa zagaye na gaba; soke oda a wannan gaɓa shi ke jawo rigima idan kuɗin ya faɗo daga baya.

Saura tarko guda. Ana iya tabbatar da biya da safe, sai tsohon saƙon ya iso da yamma. Manhajar da ba ta fara duba ko an riga an rufe wannan lambar ba za ta aika wa Hajiya atamfa biyu a kan kuɗin ɗaya.

Ke kuwa mai saye, in haka ta same ki, kada ki sake biya. Nemi lambar shaidar cinikin, ki miƙa wa mai shago, ki ce ya tambayi kamfanin da ita.