Kashi 18 a takarda, kusan 22 a aljihu

Idan banki ya aiko maka da takardar shaidar sayen takardun bashin gwamnati na gajeren zango, waɗanda Babban Bankin Najeriya ke gwanjonsu na kwana 91, 182 ko 364, kada ka ajiye ta kafin ka yi lissafi.

A ce darajar da aka rubuta naira miliyan ɗaya ce, kwana 364, rangwame kashi 18 cikin ɗari. Miliyan ɗin shi za a biya ka ranar da wa'adi ya cika, ba shi za ka biya yau ba. Ninka miliyan da 0.18, ka ninka da 364, ka raba da 365: rangwamen naira 179,507 ne. Abin da ya kamata a cire maka ke nan 820,493, sai ɗan ladan banki, wanda ya dace a nuna shi daban. In an kwashe miliyan cur, duba ko an mayar maka da rangwamen.

Ribar gaske kuwa a kan abin da ka biya ake auna ta, shi ya sa take kai kusan kashi 22. Takardar da ta kira 18 ribar shekara ta haɗa abu biyu, sai a gyara.

Ƙirga kwanaki daga ranar da aka kammala cinikin, ba ranar da ka cike fom ba. In daga hannun wani aka sayo maka, ragowar kwanakin ne kaɗai naka.

Sukuk na gwamnatin tarayya ba ya tafiya da rangwame. Kuɗin haya ake biya duk wata shida, don haka kason hayar da ranakun biya za ka duba.